"Me zan shuka?" ba cikakkiyar tambaya ba ce

'Yan'uwa, duk shekara da zarar hadari ya fara haɗuwa, sai ka ji ɗan'uwanmu da ke aiki a Kaduna ko Abuja ya bugo waya: "Na samu gona a Kajuru, me zan shuka?" Kafin ya rufe baki mun ba shi amsa: citta, ai ita ce kuɗi. Ba mu tambaye shi komai ba. A ganinmu, laifin wannan amsa ya fi na tambayar, domin jarin mutum ne muke wasa da shi.

Mu ɗauki misali. A ce gonar rabin hekta ce wajen Kufana, a kwari, ƙasar laka, kuma ya yi tambayar ne a farkon Yuli. Citta ana shuka ta ne a Afrilu zuwa Mayu, tana kuma yin kusan wata takwas a ƙasa, saboda haka ya riga ya makara. Sannan citta ba ta jure kwanciyar ruwa, ruɓewa take yi. Irinta kuma da tsada, hekta ɗaya tana cin fiye da tan ɗaya. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da cutar citta ta cinye gonaki a Kachia, Jaba da Kagarko. Wannan kwari shinkafa yake so, kuma a Yuli dashenta bai wuce ba.

To, a ce gonar a tudu take, jigawa ce da aka daɗe ana noma masara har wuta-wuta ta kama ta. Nan amsar ta sauya. Masara za ta tsumbure ko da an zuba taki. Waken soya ya fi dacewa idan bai wuce farkon Yuli ba, yana ma rage wuta-wuta. In ya wuce, ya jira ƙarshen Yuli ko Agusta ya sa wake. Mutum ɗaya, wata ɗaya, amsa biyu, kuma babu citta a ciki.

Don haka mai neman shawara ya zo da bayani. Ya jiƙa ƙasar ya murza a hannu: in ta mulmulu kamar igiya laka ce, in ta wargaje yashi ne. Ya haƙa rami zuwa gwiwa, ya duba ko ruwa na kwana a ciki bayan an yi ruwan sama. Ya auna faɗin gonar, ya ji abin da aka shuka bara, ya faɗi jarinsa. Ya kuma leƙa Kasuwan Magani ya ji farashin kaka, ba na bazara ba, tunda yawancinmu da kaka muke sayarwa.

Mu kuma masu ba da amsa, mu koyi cewa "ina gonar take?" kafin mu ambaci sunan kowane iri. In abin ya fi ƙarfinmu, mu tura shi wajen malamin gona ya taka ƙasar da ƙafarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.