Hular da aka yi kwana ashirin ana ɗinkawa, nawa ne kuɗinta?

A gidaje da yawa na Birnin Kudu da Gwaram, da zarar an sauke tukunyar rana an yi azahar, sai mata su shimfiɗa tabarma su ɗauko zare da allura. Idan ka tambayi ɗaya daga cikinsu yadda take yanke wa hularta kuɗi, amsar da za ka ji ba ta wuce biyu: ko ta ce abin da ake sayarwa ke nan a kasuwa, ko ta ƙirga abin da ta kashe a zare ta ɗora wani abu a kai. Ra'ayina shi ne duka hanyoyin biyu suna ɓoye asara. Kuɗin kayan hannu yana tsayuwa ne a kan abubuwa huɗu: kayan aiki, lokaci, kuɗin mota da riba, kuma wanda aka fi mantawa da shi a cikinsu, wato lokaci, shi ne mafi tsada.

Bari mu bi hula ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman da zan kawo misali ne, kowace mai ɗinki ta sa nata a madadinsu. Mu ƙaddara an sayi zare na naira 3,000, yadi da shafi na naira 700, mai zane ya karɓi naira 500, sannan haɗi da wanki da guga suka ci naira 800. Jimillar kayan aiki ta zama naira 5,000. A nan akwai wani tarko. Zaren da aka saya wata uku da suka wuce ba da kuɗinsa na wancan lokaci za a lissafa shi ba, da kuɗinsa na yau za a lissafa, domin da kuɗin wannan hular za a sayi zaren ta gaba. Wadda ta yi lissafi da tsohon farashi za ta ga ta sayar lafiya, amma idan ta koma wurin mai zare sai ta tarar kuɗin hannunta bai isa ba. Haka jari yake narkewa ba tare da an san ranar da ya ƙare ba.

Sai lokaci. Mu ce tana ɗinki awa uku a rana, ta gama cikin kwana ashirin, wato awa 60. Nawa ne kuɗin awa ɗaya? A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a wata. Idan aka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa takwas a kowace rana, awa ɗaya tana kamawa kusan naira 400, ladan ɗinkin hular nan kuwa ya tashi naira 24,000. Na san kasuwar ƙauye ba ta aiki da wannan ma'auni, saboda haka akwai wanda ya fi kusa: abin da matar za ta samu da ta ba da waɗannan awowi ga wata sana'a ta cikin gida, kamar ƙuli-ƙuli ko kitso. Mu ɗauka naira 150 ce a awa. Ladan aikinta ya zama naira 9,000.

Na uku shi ne kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya daina zama abin da ake kau da kai a kansa. Daga Birnin Kudu zuwa Kano tafiyar sama da kilomita ɗari ce, mutumin Gwaram kuwa tasa ta fi haka nisa. Mu ƙaddara ɗanta ko ƙanenta ne zai kai kayan, zuwa da dawowa da abincin hanya suka ci naira 10,000. Idan ya tafi da huluna goma ya sayar da su duka, kowace ta ɗauki naira 1,000. Idan biyar kawai suka shiga, kowace ta ɗauki naira 2,000, domin a kan abin da aka sayar ake raba kuɗin mota, ba a kan abin da aka ɗauka ba. Wannan ne ya sa tafiya Kano da hula biyu ko uku ba ciniki ba ne, kuma shi ya sa ya fi dacewa matan unguwa ɗaya su tara kayansu su aiki mutum guda.

Yanzu mu haɗa: 5,000 da 9,000 da 1,000 sun ba mu naira 15,000. Har yanzu ba a ci riba ba. Mutane da yawa suna ɗaukar ladan aiki a matsayin riba, alhali ladan aiki haƙƙin hannu da ido ne, riba kuwa haƙƙin jari ce. Ita ce ke biyan hular da zarenta ya zuba a wanki, da wadda aka karɓa bashi kafin salla ba a biya ba sai bayan watanni. Idan aka ɗora kashi goma cikin ɗari, wato naira 1,500, kuɗin hular ya tsaya a naira 16,500.

To, ga mai saye ya zo har zaure ya taya naira 9,000, kuɗi hannu. A ido ɗinki ya yi albarka, tunda an kashe 5,000 an karɓi 9,000, kuma ba a biya mota ba. Amma a raba naira 4,000 ɗin da ta rage a kan awa 60, za a ga matar ta yi aiki a kan ƙasa da naira 70 a awa, babu ko sisin riba.

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa a kan wannan lissafi, kuma ba na raina ta. Ana cewa ai a lokacin da ba ta da abin yi take ɗinkin, da hanau gara mannau, kuma mai saye bai damu da awowinta ba, hula yake kallo. Gaskiya ne lissafi ba ya tilasta wa kasuwa. Idan hulunan irin wannan a naira 12,000 ake sayar da su, ba wanda zai biya 16,500 don an nuna masa takarda. Sai dai amfanin lissafin ba shawo kan mai saye ba ne, sanar da mai ɗinki inda take tsaye ne. Wadda ta san alƙalumanta tana da zaɓi. Tana iya komawa ga zane mai sauƙi da ke ƙarewa cikin awa 30, wanda sau da yawa ya fi biyan awa ko da kuɗinsa bai kai na babbar hula ba. Tana iya karɓar aikin oda, mai hula ya ba da kuɗin zare tun farko. Tana iya kuma sallamawa a naira 9,000 saboda buƙatar ranar, amma da saninta cewa rangwame ta yi. Wadda ba ta lissafa ba, duk wannan zaɓi a rufe yake gare ta, kuma tayin farko na mai saye shi ne ke zama farashinta.

Batun cewa lokacin banza ne kuwa, awa sittin na sunkuyo a kan allura suna da kuɗin da ake biya daga baya, da ciwon baya da raunin gani. Idan an kai ga neman tabarau a asibitin tarayya na Birnin Kudu, daga aljihun gidan kuɗin zai fito, ba daga na mai sayen hular ba.

Abin da nake ba da shawara ƙarami ne. A kan hula ɗaya tak, mai ɗinki ta sa yaro ɗan makaranta ya rubuta mata a littafi duk abin da ta saya, kuma kullum ya ja layi ɗaya ga kowace awa da ta yi tana ɗinki. Ranar da aka kammala sai a haɗa. Daga nan za ta fita da lambobi biyu: kuɗin da za ta faɗa idan an tambaya, da kuɗin da idan tayi bai kai shi ba za ta ce albarka, ta mayar da hularta cikin leda.