Hoton PET: Ba Duk Abin Da Ya Haska Ba Ne Kansa

A 'yan shekarun nan, takardun sakamakon hoton PET sun soma shigowa gidajenmu a nan Doka da sauran unguwannin Kaduna. Mai hali ya kai mara lafiyarsa Legas, ko Alƙahira, ko Indiya, a dawo da hoto mai launi, gangar jiki a dushe, wasu wurare kuwa suna ci kamar garwashi. Kafin likita ya gani, dangi sun riga sun yanke hukunci cewa kansa ta bazu. Ina ganin ya kamata mai karatu ya san abin da wannan hoto yake aunawa, domin fassara shi a gaggauce na iya jawo wa mutum maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Na'urar PET ba ta ganin kansa. Abin da take gani shi ne inda jiki ke zuƙar sukari. Tun cikin shekarun 1920 masanin nan Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin kansa suna cin sukari fiye da lafiyayyun ƙwayoyi nesa ba kusa ba. A kan wannan haɗamar aka gina gwajin. Mara lafiya zai ƙaurace wa abinci na awa 4 zuwa 6, sannan a yi masa allurar wani sinadari mai suna FDG, wato sukarin da aka liƙa wa fulorin-18 mai fitar da tururin nukiliya. Ƙwayar jiki takan ɗauka abinci ne ta haɗiye shi, amma ba ta iya ƙona shi, sai ya maƙale a cikinta. Bayan kamar awa guda ana hutawa, sai a shigar da mutum na'ura ta gano inda tururin ya taru, a ɗora wannan a kan hoton CT don a san ko wace gaɓa ce.

Fulorin-18 ba ya ajiyuwa: duk minti 110 ƙarfinsa na raguwa da rabi. In aka ɗauko shi a mota daga Legas, aka yi awa 11 a hanya, abin da zai iso Kaduna kashi ɗaya ne cikin 64. Shi ya sa sayen na'urar hoton kaɗai ba ya wadatarwa, sai da injin saikuloturon da ke haɗa sinadarin a kusa. Masu neman gwamnati ta kawo PET Arewa su riƙa haɗawa da wannan a cikin koke-kokensu.

To, ina matsalar take? Kansa ba ita kaɗai ce mai kwaɗayin sukari ba. Ƙwaƙwalwa kullum tana haskawa, haka ma mafitsara, domin ta fitsari sinadarin ke fita, kuma likitoci sun san da waɗannan. Wanda ke rikita su shi ne kumburi. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini kan yi wa wurin dafifi, kuma mayaƙi a fagen daga ba ya wasa da ciki. Sukan zuƙi FDG kamar yadda kansa ke yi, wani lokaci har su zarce ta. A takardar sakamako za a ga wata lamba, SUV, wadda ke nuna yawan sinadarin da wuri ya tara idan aka gwada da abin da zai samu da an raba shi daidai a duk jiki. An daɗe ana ɗaukar 2.5 a matsayin iyakar da ake soma zargi daga gare ta, amma tarin fuka mai rai na iya tsallake wannan iyaka ninki biyu ko uku.

Nan ne batun ya zama namu. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tarin fuka a duniya. Wani nazari da mujallar JAMA ta buga a 2014, wanda ya tattara bincike 70, ya gano cewa PET na kama kimanin kashi 89 cikin 100 na kansar huhu. Amma wajen wanke wanda ba shi da ita, ya dace a kashi 77 a wuraren da cututtukan huhu masu yaɗuwa ba su yi yawa ba, sannan ya faɗo zuwa kashi 61 a inda suka yi katutu. Mu ƙaddara, don misali kawai, mutum 100 aka ga ƙullutu a huhunsu, 20 ne kuma masu kansa. Hoton zai haska a wajen 18 daga cikinsu. Sauran 80 ɗin, kusan 31 su ma za su haska. Ke nan cikin mutum 49 da za su koma gida da hoto mai garwashi, waɗanda ba su da kansa sun fi yawa.

Mu ɗauki magidanci ɗan shekara 50, mai tari wata biyu, yana ramewa. CT ya nuna ƙullutu mai faɗin santimita 2 a saman huhun dama, PET ya ba shi SUV 7, kaluluwar da ke tsakanin huhun biyu ita ma ta haska. In aka karanta hoton a matsayin kansa, wannan cuta ce da ta riga ta bazu zuwa kaluluwa, mai kai mutum ga ƙarin ruwan maganin kansa da gashi. In kuwa tarin fuka ne, magani ne na wata 6, wanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati. Hoton guda ne, kuma ba zai raba gardama ba. Mafi muni, maganin kansa yana karya garkuwar jiki, don haka ba wa mai tarin fuka shi daidai yake da buɗe wa cutar ƙofa.

Likitan da ya san aikinsa zai koma ga abin da ya fi araha. Zai tambayi ko akwai zazzaɓin yamma da gumin dare, ko wani a gida ya yi irin tarin, ko mutumin na shan taba. Zai nemi tsohon hoton ƙirji, domin ƙullutun da ya shekara 2 bai ƙaru ba da wuya ya zama kansa. Zai aika majina gwajin GeneXpert, wanda ke ba da amsa cikin kamar awa 2. In har yanzu da shakka, sai a tsakuro tsoka daga wurin a duba ta a madubin likita. A nan PET ke da amfani na gaske, domin shi ke nuna inda ya fi dacewa a soka allurar. Amma hukunci na masu duba tsoka ne.

Kada kuma a juya maganar, a ce duk haske tarin fuka ne. Wannan kuskuren ya fi kusa da mu: a ɗora mai kansar huhu ko ta kaluluwa a kan maganin tari ba tare da gwaji ya tabbatar ba, watanni su wuce, cutar ta yi nisa. Ana ma iya samun cututtukan biyu a ƙirji ɗaya. Hoton da bai haska ba shi ma ba takardar sallama ba ce, domin ƙarin da bai kai milimita 8 ba na iya ɓuya, kuma wasu nau'o'in kansa, irin ta mafitsarar maza da ake kira furosteti, ba su cika cin FDG ba.

Wanda ya riga ya soma jinyar kansa ya kula da lokaci. Wurin da aka yi wa tiyata ko gashi yakan kumbura yayin warkewa, ya haska kamar cutar ta dawo. Shi ya sa akan jira kamar mako 6 bayan tiyata, da wata 2 zuwa 3 bayan gashi. Wanda ya sayi tikitin Alƙahira mako biyu da gama gashi, akwai yiwuwar kumburin jinyarsa zai biya a ɗauka. Kafin a tashi, a rubuta wa mai karanta hoton ranar tiyata, da ranar maganin ƙarshe, da ko an taɓa yin tarin fuka, da ko akwai ciwon sukari. Likitan da ke zaune a wata ƙasa ba lallai ne tarin fuka ya fara zo masa a rai ba, sai an gaya masa daga inda mara lafiyan ya fito.