Raddi Ga Mai Cewa A Rubuta "Wayarin Ya Lalace" Tun Ba A Duba Ba

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin ajiyar bayanan marasa lafiya yana koya wa ƙananan ma'aikata tsakanin Kalgo da Gwandu wata magana da ta tsaya mini a rai. Cewa yake idan aka kawo wanda wutar lantarki ta ja, kada a bar gurbin dalili a kati ba komai, a rubuta "lalacewar wayarin" ko "an kawo wuta mai ƙarfi", domin kowa ya san halin wayarin gidajenmu. Ya ƙara da cewa rauni da kansa yana nuna dalili, kati maras dalili ba ya amfanar ƙididdiga, iyali na bukatar abin riƙewa, kuma ko an jira mai bincike ba zuwa zai yi ba. Ina girmama furfurarsa da shekarunsa a bakin aiki. Amma wannan koyarwa kuskure ce, kuma kuskuren da ke iya cin rai.

Ginshiƙin maganarsa shi ne "kowa ya sani". Wane ne kowa? Ma'aikacin jinya da ke riƙe da biro a ɗakin gaggawa bai taka gidan ba, bai buɗe soket ba, bai ɗora na'ura a kan ko waya ɗaya ba. Abin da ke gabansa mutum ne kwance da 'yan rakiya a firgice. Ya san inda jiki ya taɓa, ya ji abin da aka ce an taɓa, iyakar saninsa ke nan.

A ce wata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a Kalgo ta wanke tsakar ɗaki, ƙafarta ba takalmi, ta kama murfin firiza, wuta ta riƙe ta har sai da ɗanta ya zare filogi. Malam, wato dattijon nan, zai ce a rubuta firiza ta lalace. To, ga hanyoyin da wannan abu ɗaya zai iya faruwa. Mai yiwuwa rufin wayar da ke cikin kwamfiresa ya ƙone, wuta ta hau jikin ƙarfe, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta. Mai yiwuwa ɓera ne ya ci igiyar firizar a baya, tagulla ta taɓa jiki. Mai yiwuwa kuma firizar lafiyarta lau, sai dai wanda ya haɗa soket ya ɗaure ƙafar wayar ƙasa da nutural don sauƙin aiki, daga baya nutural ta tsinke ko aka juya wayoyi a mita, sai jikin duk abin da aka jona ya ɗauki wuta. Akwai ta huɗu da mutane ba su cika tunawa ba: wata wayar ƙari da aka ɗaure da leda tana kwance cikin ruwan da aka wanke ɗaki, wuta ta shiga ta ƙafa, firizar da ke da wayar ƙasa mai kyau ita ce kawai hanyar da ta bi ta fita. A cikin biyu daga huɗun nan firiza ba ta da laifin komai. Ban ma taɓo tambayar ko wutar layi ce a lokacin ko janareto ba.

Duk huɗun suna iya barin tabo iri ɗaya a tafin hannu, ko su bar shi ba tabo. Jiki mai laima yana iya sauka zuwa kimanin om 1,000, wutar gida kuwa bolt 230 ce, saboda haka abin da zai ratsa ya kai wajen miliamfiya 230. Daga kimanin miliamfiya 10 hannu ke fara kasa sakin abin da ya riƙe, kuma ƙasa da 100 ma na iya hargitsa bugun zuciya. Jiki ba ya tambayar ta wace ɓaraka wutar ta zo.

Ana rarrabe su ne da na'ura, a wurin, kafin a taɓa komai. Mai gyaran wuta da ya san aikinsa zai cire firizar daga soket, ya gwada rufin wayarta da na'urar da ke tura bolt 500 tsakanin waya da jikin ƙarfe. Idan ya samu ƙasa da megom 1, akwai zuba. Zai bi wayar ƙasa daga filogi har sandar da aka binne ya ga ko a haɗe take. Zai duba ko an juya mai wuta da nutural a soket. Zai duba ko gidan na da makashin kariya da ke yanke wuta idan miliamfiya 30 ta zube, kuma ko yana aiki. Tasta mai ƙwan fitila da maƙwabci zai ɗora a jikin firiza ya ce "ka gani, tana kawo wuta" ba hujja ba ce, domin tana iya haskawa a jikin lafiyayyar na'ura da ba ta da wayar ƙasa, saboda ɗan abin da ke tsiyaya wanda bai kai ya cutar ba. Idan mai riƙe da tasta a cikin ɗakin zai iya ruɗuwa, ina ga mai riƙe da biro a asibiti?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Malam bai bi zatonsa ya ga inda yake kai mutane ba. An rubuta firiza ta lalace, likita ya maimaita wa miji, miji ya sayar da ita a araha ya ranto kuɗi ya sayo wata, ya jona a soket ɗin nan dai. Idan ɓarakar a soket take, tana nan tana jira, kuma wanda zai taɓa na gaba wataƙila yaro ne mai neman ruwan sanyi. Da an rubuta "ba a duba ba", da mijin ya san akwai sauran aiki a gabansa. Maganar asibiti tana da nauyi a kunnen mutanenmu, idan ta fito da zato sai ta rufe ƙofar bincike.

Ga yadda ya kamata katin matar nan ya kasance. Abin da ma'aikaci ya gani: ƙuna fara mai faɗin santimita 1 a tafin hannun dama, babu tabo a ƙafa, tana cikin hayyacinta, ga bugun zuciya, ga sakamakon gwajin zuciya idan akwai na'urar, ga launin fitsari. Abin da aka faɗa masa, da sunan dangantakar mai faɗa: ɗanta ya ce ta taɓa murfin firiza a gida, ƙasa a jiƙe, ba takalmi, ta maƙale har ya zare filogi, bai ga ta suma ba, wutar layi ce ba janareto ba. Sai layi na ƙarshe: ba a duba firiza ko wayarin gidan ba, an shawarci iyali kada su jona komai a soket ɗin sai an gwada. Wace ƙwarewa ce ta ɓace a nan? Wannan katin ya fi na Malam cika nesa ba kusa ba.

Hujjarsa ta biyu, wai rauni yana nuna dalili. Rauni yana iya nuna girman wutar da hanyar da ta bi. Wanda ya taɓa layin kilobolt 11 ko 33 yakan zo da ƙuna mai zurfi, naman ciki ya lalace fiye da abin da fata ta nuna, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta shiga haɗari. Wannan ya taimaki likita, amma bai faɗi ko waya ce ta yi ƙasa ko mutum ne ya ɗaga doguwar rodi a kan gini ba. Nan kuma "wuta mai ƙarfi" ke yin ɓarna. Likitoci suna raba raunin lantarki a bolt 1,000. Abin da mutanen unguwa ke nufi idan ƙwayayen fitila suka fashe, kamar lokacin da nutural ta tsinke a taransifoma, ba ya wuce wajen bolt 400 a soket. Wanda aka miƙa wa mara lafiya a Birnin Kebbi zai karanta katin ya ɗauka babban layi ne, alhali murfin firiza aka taɓa.

Ta uku, ƙididdiga. Malam ya fi ni sanin kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, to ya buɗe. `T75.4` illar wutar lantarki ce a jiki. `W85` layukan dakon wuta, `W86` wata wutar da aka fayyace tushenta, `W87` wadda ba a fayyace ba, tsawa kuma tana can daban a `X33`. Matar nan `W86` ce, tun da an san abin da ta taɓa. Babu ɗaya daga lambobin nan da ke tambayar wane ne ya yi sakaci ko wace waya ta ruɓe. Kundin yana neman tushen wutar, Malam yana cusa masa laifi. Kuma ƙididdigar da aka cika da "wayarin ya lalace" ɗari bisa ɗari ba ta ƙirga komai ba sai ra'ayin masu rubutawa.

Ta huɗu, tausayin iyali. Idan magana ta kai gaban alƙali, ko iyali na neman haƙƙi wurin mai gidan haya ko Kaduna Electric da ke rarraba wuta a Kebbi, tambayar farko ga ma'aikacin ita ce ko ya ga wayar da idonsa. Da ya ce a'a, layin ya faɗi, kuma ya ja sauran katin da ke gaskiya cikin shakka. A ƙasar Abdullahin Gwandu, inda aka gaji alƙalanci, ba sai an koya wa kowa cewa shaida yana faɗin abin da ya gani ne ba. Sannan akwai wanda aka ɗora wa laifi, ƙila yaron da ya yi wayarin, wanda ba a ji ta bakinsa ba.

Ta biyar, wai mai bincike ba zai zo ba. Hukumar NEMSA, da dokar 2015 ta kafa, binciken haɗurran lantarki na cikin aikinta. Ko ta yi nisa, rashin zuwanta bai mayar da ma'aikacin jinya injiniya ba. A kira mai gyaran wuta mai lasisi, in ya kawo sakamako a ƙara a kati da kwanan wata da sunan wanda ya gwada.

Ku ƙananan ma'aikata da ke karɓar irin waɗannan marasa lafiya a Gwandu da Kalgo, ku ba Malam girmansa, amma kada ku bi shi a wannan. Ku rubuta abin da aka taɓa, da inda aka taɓa, da wanda ya faɗa muku, kuma kafin iyali su fita ku gaya musu kada su sake jona komai a wurin sai an gwada.