Takardar Digiri: Yadda Ake Gane Ta Gaske

A zangonninmu na Gana, kwamitocin makarantu da masu kamfanoni kan ɗauki ma'aikaci da zarar ya miƙo takardar digiri mai sheƙi. In takardar ta jabu ce, 'ya'yanmu ne za su zauna a gaban malamin da bai karanta abin da yake koyarwa ba, wanda ya sha wahalar shekara huɗu kuma yana gida babu aiki. Shi ya sa wannan watan muka ga ya kamata mu duba yadda ake tantance ta.

Da farko a nemi ainihin takardar, kada a yarda da fotokwafi. A ɗaga ta sama wajen haske. Jami'o'i da yawa suna bugawa a kan takarda mai kauri wadda aka saka tambari a cikin jikinta tun a masana'anta. Irin wannan tambarin sai da haske yake fitowa, kuma ana ganinsa ta gaba da ta baya. Na jabu kuwa fenti ne mai toka-toka da aka buga a fuska ɗaya. Sannan a shafa hatimi da yatsa. Hatimin matsi yana da tudu a gaba da rami a baya, domin ƙarfe ne ya danne takardar. In an ji shi sumul, hoton hatimi ne kawai. Takardar da aka lulluɓe da roba tana hana duk wannan bincike, saboda haka ita sai a ƙara yin hattara.

Sa hannu yakan ruɗi mutane. Jami'ar da ke yaye dubban ɗalibai a shekara tana iya buga hannun shugabanninta da inji, don haka rashin shatin biro ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne: wanda hannunsa ke kai, shi ne ke riƙe da kujerar a shekarar? Hanya mafi sauƙi ita ce a ari takardar wani amintacce da ya gama a jami'ar a shekara ɗaya, a jera su a kan tebur, a gwada hannu da hannu, rubutu da rubutu.

Ga misali. A ce wani ya kawo digirin babbar jami'ar kimiyya ta Kumasi mai kwanan watan 1994, a samanta kuma an rubuta sunan Kwame Nkrumah. Takarda mai kauri, hatimi ja, komai tsaf. To amma an cire sunan Nkrumah daga jami'ar bayan juyin mulkin 1966, ba a mayar da shi ba sai 1998. Ke nan sunan da ke kai ya riga lokacinsa da shekara huɗu. Ba za mu ce da mutumin maƙaryaci nan take ba, amma dole ya yi bayani, kuma dole a tambayi Kumasi. Haka ma jami'ar horon malamai ta Winneba: kwaleji ce daga 1992, sai a 2004 ta zama cikakkiyar jami'a. Masu buga jabu sun iya kwaikwayon launi, tarihi ne ke kayar da su.

Duk wannan dubawa tana iya tona ta ƙarya, amma ba ta isa ta tabbatar da ta gaske ba. Wannan aikin rajistar jami'a ne. A rubuta wa ofishin rajistara, a ba da cikakken sunan mutumin kamar yadda yake a takardar, da lambarsa ta ɗalibi, da fannin da ya karanta, da shekarar gamawa, a haɗa da kwafin takardar da wasiƙar amincewarsa. Yawanci akwai kuɗin da ake biya. Abu biyu muke jan kunne a kansu. Kada a yi amfani da lambar waya ko adireshin da mai takardar ya bayar, a nemo na jami'ar da kai. Amsa kuma ta zo hannun mai tambaya kai tsaye, kada ta bi ta hannun wanda ake bincika.

Saura wata matsala. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Nijeriya, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Binin da Togo. Irin wannan takarda daga makarantar ta fito, da hatiminta, kuma mai yiwuwa in an tambaye ta ta amsa cewa ɗalibinta ne. Don haka ita ma makarantar a bincike ta. A nan Gana wannan aikin hukumar GTEC ne, wadda aka kafa a 2020. Ita ke da jerin makarantun da aka amince da su, ita ce kuma ke auna digirin ƙasashen waje. Kwamitin da aka kawo wa digirin waje, ya nemi takardar tantancewar GTEC kafin ya ba da wasiƙar ɗaukar aiki.