A Daina Wanke Mana Fuska a Hoton Fasfo

'Yan uwa, mun gaji da masu ɗaukar hoton da ke mayar da baƙin mutum wankan tarwaɗa da sunan gyara. Hoton neman makaranta ko aiki shaida ne, ba hoton Sallah ba. Ranar tantancewa jami'i zai dubi hoton, ya dube mu. Idan kamannin suka saɓa, mu za a tsayar a gefe, ba mai shagon ba.

Hujjarsu ita ce fuskar ta fito da duhu. Haka ne, amma farin bango ne sanadi: kyamara na ganin farinsa sai ta rage haske, fuska ta dushe. Maganin wannan ƙarin haske ne, ba goge fata ba. Mu matso taku biyu daga bango don kada inuwarmu ta hau shi. Mu fuskanci taga da hantsi, a kashe filasha, a taɓa fuskar a allon waya, a ɗan ƙara haske.

Kafin mu biya, mu duba: launin fuska ya yi daidai da na wuya? Tabon goshinmu yana nan? In babu, a sake ɗauka. Da wannan fuskar za mu je intabiyu.