Sharhi: Wayar salula ba ta san ranar ɗaukar ciki ba, kintace take yi

Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa, wayar da maigida ya aiko daga Abijan ko Legas ta shigo da sabon abu cikin ɗakin aure: manhajar lissafin al'ada. Mace ta shigar da ranar da ta ga jini, wayar ta shafa wa wasu kwanaki launi, ta ce ga ranakun ɗaukar ciki. Wasu ma'aurata na bin launin don su samu haihuwa, wasu don su ba da tazara, har akwai ɗan ci-ranin da ke daidaita zuwansa gida da abin da wayar ta nuna. Matsayinmu a nan shi ne: ga macen da al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, wannan launi ba abin dogaro ba ne, kuma irin waɗannan mata suna da yawa a Arewa.

Galibin manhajojin ba sa auna komai a jikin mace. Suna tara tsawon watannin da suka wuce, su fitar da matsakaici, su cire 14, su ce ranar ce ƙwai zai fita. Tushen lissafin tsoho ne, tun aikin likitoci biyu, Ogino na Japan da Knaus na Ostiriya, kusan shekara ɗari da suka wuce. Abin da suka gano gaskiya ne: ƙwai na fita kimanin mako biyu kafin al'ada mai zuwa. Matsalar tana cikin kalmar "mai zuwa". Kwanakin da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini ba su cika canzawa ba, amma kwanakin da ke tsakanin farkon jini da fitar ƙwai su ne ke miƙewa ko su taƙaita. Wato wayar na ƙirgawa baya daga ranar da ba ta zo ba tukuna.

Mu ɗauki misali. A ce wata matar aure a Dogon Dutsi ta rubuta wata shida, ana ƙirge daga ranar farko ta jini zuwa jajibirin jinin gaba: kwana 26, 35, 29, 41, 31 da 30. Matsakaicinsu 32 ne. Wayar za ta cire 14, ta ce ƙwai zai fita a rana ta 18. Tunda maniyyi na iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace, ƙwai kuma bai wuce kwana ɗaya ba, za ta shafa launi daga rana ta 13 zuwa ta 18 ko 19.

To idan wannan watan irin na kwana 26 ne, ƙwai ya fita wajen rana ta 12, kafin wayar ta fara gargaɗi. Matar da ke shayar da ɗan wata tara, tana son ta huta, ta riga ta wuce kwanakin haɗarin tana ganin allon wayarta fes. Idan kuma watan irin na kwana 41 ne, ƙwai ba zai fita ba sai wajen rana ta 27, fiye da mako guda bayan wayar ta ce an wuce. Mijin da ya biya kuɗin mota daga Kwatano don ya iske rana ta 18 ya koma bakin aiki kafin lokacin ya yi. Bayan shekara ɗaya ko biyu a haka, kowa ya san wadda dangin miji za su fara kallo.

Tsohon lissafin kalanda ya fi wayar faɗin gaskiya. Ƙa'idarsa ita ce a cire 18 daga wata mafi gajarta, a cire 11 daga mafi tsawo. Ga matar nan, 26 a cire 18 saura 8, 41 a cire 11 saura 30. Ke nan daga rana ta 8 zuwa ta 30 duk tana iya ɗaukar ciki, kwana 23 cur. Amsar ba ta da daɗi, amma ta nuna ƙarara cewa wannan hanya ba tata ba ce. Haka ma carbin ƙirgen kwanaki da jami'ar Georgetown ta Amurka ta ƙirƙiro, mai fararen duwatsu daga rana ta 8 zuwa ta 19: sharaɗinsa a fili yake, sai macen da watanninta ke tsakanin kwana 26 da 32. Wadda ta fita daga wannan iyaka sau biyu cikin shekara, ana ce mata ta nemi wata hanya. Manhaja kuwa kowa ta karɓa, ko me aka ba ta sai ta fitar da rana.

Ko matan da al'adarsu ke zuwa daidai ba su tsira ba. Wani nazari da aka wallafa a 2019 kan watannin al'ada fiye da 600,000 ya gano cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke da kwana 28. A 2016, masu bincike a Amurka sun gwada manhajoji 33, uku kaɗai suka ba da kwanakin daidai, alhali da wata mai kwana 28 aka gwada su.

A ƙasarmu dalilan rikicewar al'ada na yau da kullum ne. Na farko shayarwa. Nono na hana ɗaukar ciki ne da sharuɗɗa uku a haɗe: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi, kariyar ta raunana, kuma ƙwai na iya fita kafin jinin farko, lokacin da wayar ba ta da ko ranar da za ta fara ƙirge. Ga nan kwanika ke shigowa. Na biyu allurar tazarar haihuwa ta wata uku: bayan an daina, al'ada kan ɗauki watanni kafin ta daidaita. Sai amare masu ƙananan shekaru, waɗanda jikinsu bai gama saita lokacinsa ba. Zazzaɓi mai tsanani, rama da damuwa su ma suna jinkirta fitar ƙwai.

Mace na iya gane matsayinta da biro da takarda. Ta rubuta wata shida. In tazarar mafi tsawo da mafi gajarta ta wuce mako guda, ta ɗauki wayar a matsayin littafin ajiyar ranaku, ba mai duba ba. A wannan aikin manhajar na da amfani sosai, domin ungozoma za ta ji daɗin ganin ranakun a rubuce. Mai neman ciki ta fi cin riba da lura da jikinta: ruwa mai santsi da yauƙi, kamar farin ɗanyen ƙwai, na fitowa a kwanakin da ke gab da fitar ƙwai, ko da kuwa watan ya yi tsawo. Wadda al'adarta ke wuce kwana 35 a kai a kai, ko ta ɗauke wata uku ba ciki ba goyo, likita ya kamata ta gani, domin akwai cututtukan da ke jawo haka kuma suna da magani.

Kiranmu ga hukumomin lafiya na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri ba mai cin kuɗi ba ne. A wurin awon ciki da ranar rigakafin yara, ungozoma ta ƙara tambaya ɗaya: "Kina ƙirge da waya?" In amsar e ce, a karɓi wayar a duba watanni shidan tare, a yi cire 18 da cire 11 a gabanta. Gidajen rediyon yankin su karanta da Hausa gargaɗin da wasu manhajojin ke rubutawa da ƙananan haruffa cikin Faransanci ko Ingilishi, cewa ba a yi su don hana ɗaukar ciki ba. Kai kuma ɗan'uwa da ke ci-rani, kafin ka yanki tikiti saboda launin da aka turo maka ta WhatsApp, ka tambayi maiɗakinka kwana nawa watanta mafi gajarta ya yi, kwana nawa mafi tsawo.