Fim a Tafin Hannu: Yadda ake sa wa hoto rai da sauti

Wata ɗaliba daga Gwaram ta aiko mana da kukanta: ta ɗauki ƙanenta yana hawan Dutsen Habude a Birnin Kudu, inda zanen mutanen da yake, don gasar makarantarsu. Iska ta cika wayar da buu-buu, sai ta kashe sautin baki ɗaya. Yanzu hoton ya yi tsit kamar maƙabarta.

Ƙanwata, ba sai kin koma dutsen ba. Ai ko manyan finafinai, yawancin takun da kike ji bayan ɗauka aka haɗa shi, aikin da ake kira Foli, da sunan Jack Foley na Amurka. Hawa uku za ki jera, kamar shimfiɗar gado.

Na ƙasa shi ne sautin wuri. Ki fita bayan gari da hantsi, ki sa wa wayar safa mai kauri don tare iska, ki juya wa iskar baya, ki naɗi minti biyu ba motsi. A CapCut ko KineMaster, ki shimfiɗa shi daga farkon hoton har ƙarshe, kada ki yanke shi inda hoto ya sauya. Shi ke ɗinke fitowa da fitowa.

Na biyu sautin jiki. Ki zuba tsakuwa a kan siminti cikin ɗaki mai labule da katifa, ki sa hannu cikin silifas, ki riƙa takawa kina kallon ƙafar yaron. Sai ki naɗi motsin riga daban, da numfashi daban. Idan taku takwas ya yi, ki yi takwas mabambanta. Taku ɗaya da aka maimaita, kunne na gane shi nan take.

Na uku sautin nesa: kukan akuya ɗaya, ko babur da ya wuce. Biyu sun isa a daƙiƙa ashirin.

Wajen ƙarfi, idan magana na kan 100, ki gwada taku a 40, sautin wuri a 15, na nesa a 10. Kowanne ya shigo a hankali, ya fita a hankali.

Ga gwaji: ki rufe ido ki saurara. In kin gane wurin, aiki ya yi. In iska ta danne magana, ki rage ta. Sannan ki buɗe ido. In ƙara ta riga ƙafa sauka, ki matsar da ita. Ki kuma kula da lokaci: hoton hunturu ne, don haka kukan kwaɗi ba shi da gurbi, komai daɗinsa.

Ki gwada a lasifikar waya, ba abin kunne kaɗai ba, tunda ba ki da tabbacin da me alƙalan gasa za su saurara. Allah Ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa.